Zazzaɓi Mai Sa Zubar Jini: Tambayoyin Ma'aikatan Lafiya a Kebbi da Amsoshinsu

An tattaro waɗannan tambayoyi daga abin da nas-nas, ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaji da masu shara a asibitocin Kebbi suka fi yi idan rani ya shigo aka fara jin labarin Lassa. Amsoshin sun fi karkata ga zazzaɓin Lassa, domin shi ne aka fi haɗuwa da shi a Najeriya, amma an taɓo sauran inda suka bambanta.

1. Wane irin ciwo ake nufi da zazzaɓi mai sa zubar jini?

Ba ciwo ɗaya ba ne. Tarin cututtuka ne da ƙwayoyin bairos daban-daban ke haddasawa, abin da ya haɗa su shi ne suna farawa da zazzaɓi, kuma idan suka tsananta sukan lalata ƙananan jijiyoyin jini su hana jini daskarewa yadda ya kamata. A cikinsu akwai Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, da Ebola, wadda ta ɓulla a 1976 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu, da Marburg, da zazzaɓin shawara, da dengi, da zazzaɓin Kirimiya-Kongo, da na Kwarin Rift.

Kowanne da hanyar da yake bi ya shiga mutum. Lassa daga ɓera take, Kirimiya-Kongo daga kaska da jinin dabbobi, shawara da dengi daga sauro, Marburg daga jemage. Wannan bambanci ne ke nuna wanda ma'aikacin lafiya zai iya ɗauka daga jikin majiyyaci da wanda ba zai ɗauka ba, kamar yadda yake a tambaya ta 6.

2. Wanne ne ya fi kusa da mu a nan Kebbi?

Lassa ce kan gaba. Wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ita, shi ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar cutar a fitsari da kashinsa tsawon rayuwarsa. Bayan girbi, idan aka ƙona daji abinci ya ƙare a gona, sai ɓerayen su dawo rumbu da ɗakin girki. Shinkafar da aka shanya a bakin titi ta kwana, da garin da aka bari a buɗe, da kwanon da ba a kife ba, duk hanya ce. Shi ya sa masu kamuwa suka fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu. Jihohin Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi ne suka fi fama, amma ɗan ci-rani ko direban babbar mota yana iya dawowa Jega ko Yawuri da ita a jiki, tun da takan yi kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana.

Na biyu shi ne Kirimiya-Kongo, wanda ba a cika tunawa da shi ba alhali muna cikin ƙasar kiwo. Saniya ko tunkiyar da ke ɗauke da shi ba ta nuna wata alama. Makiyayin da ya murƙushe kaska da yatsa, ko mahaucin da ya yi fiɗa da yanka a hannunsa, shi ne ke kwanciya, kuma cikin goman da suka kamu yakan kashe ɗaya zuwa huɗu. Zazzaɓin Kwarin Rift ma na dabbobi ne, ya ɓarke a yankin Tawa ta Nijar a 2016, kuma dabbobinmu da nasu kasuwa ɗaya suke ci. An kuma tabbatar da dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023.

3. Ta yaya ƙwayar cuta ke sa mutum zubar da jini ba tare da rauni ba?

Abu uku ne ke riƙe jini a cikin jijiya: bangon jijiyar, da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet waɗanda ke taruwa su toshe duk inda ya ɓule, da kuma sinadaran daskarar da jini waɗanda hanta ke ƙerawa. Waɗannan cututtuka suna taɓa duka ukun, sai dai kowace da inda ta fi ƙarfi.

Ƙwayar cutar takan fara shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ne, waɗanda aikinsu shi ne su cinye ta. A cikinsu take hayayyafa, su kuma su kai ta hanta da saifa da sauran sassa. Garkuwar jiki ta rikice, sinadaran kumburi su cika jini, sai ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bangon ƙananan jijiyoyi su saki juna. Jijiyar ba ta fashe ba, tsattsafo take yi kamar sabon tulu: ruwan jini yana fita a hankali ya taru a fuska da wuya da huhu da ciki. Shi ya sa za a ga mai Lassa fuskarsa ta kumbura alhali awon jininsa yana ƙasa.

A Ebola da Kirimiya-Kongo akwai ƙarin wata matsala. Jini yakan fara daskarewa ƙanana-ƙanana a ko'ina cikin jijiyoyi inda babu rauni, har filatilet da sinadaran daskarewa su ƙare. Lafiyayyen mutum yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita, amma mai Kirimiya-Kongo yana iya sauka ƙasa da 20,000. A Lassa adadin ba ya faɗuwa haka sosai, sai dai waɗanda ke nan ba sa manne wa juna da kyau. A shawara kuwa hanta ce ke lalacewa, ta daina ƙera sinadaran, ido ya yi rawaya, amai ya fito baƙi.

4. To zubar jinin ne ke kashe majiyyaci?

Galibi a'a. Jinin da ake gani bai cika kai yawan da zai kashe mutum shi kaɗai ba. Abin da ke kisa shi ne ruwan da ya fice daga jijiyoyi, haɗe da wanda amai da gudawa suka kwashe. Awon jini ya faɗi, ƙoda ta rasa jinin da za ta tace, fitsari ya ɗauke, sauran sassa su bi baya. A masu Lassa a Najeriya tsayawar ƙoda na cikin manyan alamun cewa ciwon ya yi muni, kuma wanda zai rasu yakan rasu ne cikin kwana 14 da fara ciwo.

Saboda haka auna fitsari da rubuta yawansa ya fi zaman jiran jini amfani. Babban mutumin da ya wuni bai cika ƙaramin kofi da fitsari ba yana cikin hatsari ko da ɗigon jini bai fito masa ba. Ƙarin ruwan ma da lissafi ake yin sa, domin jijiyar da ke tsattsafo tana iya tura ruwan cikin huhu, numfashi ya gagara.

5. Idan babu jini, ba Lassa ba ce ke nan?

Wannan zaton ne ya fi jefa ma'aikata cikin hatsari. Cikin mutum biyar da suka kamu da Lassa, kusan huɗu ciwon ba ya tsananta musu, wasu ma ba sa sanin sun kamu. Ko a cikin waɗanda aka kwantar, marasa rinjaye ne ke zubar da jini, kuma sai ciwo ya shiga mako na biyu. Wanda ya ce sai ya ga jini zai sa safar hannu, ya riga ya yi kwanaki yana taɓa amai da fitsarin majiyyacin.

Idan jinin ya zo, ba ya zuwa da yawa tashin farko. Wurin da aka cire allura ya ci gaba da tsiyaya bayan an danne shi da auduga minti biyar. Filastar kanula ta jiƙe. Dasashi ya yi jini, ko haɓo, ko farin ido ya yi ja, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko bayan gida ya fito baƙi. A mace kuma jini ya zo ba lokacin al'ada ba.

6. Dukansu ne ake ɗauka daga jikin majiyyaci?

Lassa, Ebola, Marburg da Kirimiya-Kongo ana ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum ta jini, amai, gudawa, fitsari, miyau, ruwan haihuwa da maniyyi, idan suka taɓa ido, hanci, baki ko fatar da ta tsage. Ba sa yawo a iska kamar ƙyanda, amma tari ko amai a kusa da fuska yana watsa ɗigon da ya isa. Shawara da dengi sai sauro ya shiga tsakani, don haka gidan sauro ake sa wa majiyyacin. Duk ma'aikacin da bai yi rigakafin shawara ba ya je ya yi, allura ɗaya ce ta isa har ƙarshen rayuwa. Lassa kuwa har yanzu ba ta da allurar rigakafin da aka amince da ita.

7. Kullum muna ganin masu zazzaɓi. Yaushe za mu yi zargin Lassa?

Idan zafin jiki ya kai digiri 38 ko fiye, ya yi kwana 3 zuwa 21, tare da ciwon maƙogwaro, amai, gudawa, ciwon ciki, ciwon jiki ko kasala mai tsanani, sannan an ba da maganin maleriya da na taifod yadda ya kamata amma bayan awa 48 zuwa 72 babu sauƙi. Zargin yana ƙaruwa idan mutum ya dawo daga inda cutar take, ko ya yi jinyar wani ko wankan gawarsa cikin mako uku da suka wuce, ko shi kansa ma'aikacin lafiya ne.

A ɗauki misalin wani manomin shinkafa daga wani ƙauye kusa da Argungu, a watan Janairu. Ya zo ƙaramin asibiti a kwana na huɗu da zazzaɓi da ciwon kai. Gwajin maleriya ya nuna akwai, aka ba shi magani na kwana uku. A kwana na bakwai aka dawo da shi a kan babur: zafi 39, ba ya iya haɗiyar koko saboda maƙogwaro, yana jin ciwo a tsakiyar ƙirji, yana amai, gwajin fitsari ya nuna furotin. A nan ya kamata a tsaya. Samun maleriya a jininsa bai kore Lassa ba, domin a wurinmu mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya, kuma cututtukan biyu suna haɗuwa a jiki ɗaya.

Idan ba a tsaya ba, ga yadda abin ke tafiya. A kwantar da shi a babban ɗaki, a ce taifod ne, a yi masa allurar dikilofenak a ɗuwawu. A kwana na tara wurin allurar ya kumbura ya yi baƙi, kanula tana tsiyaya, fuska ta kumbura. Kafin nan nas ɗin da ta sa kanula da hannu tsirara, da mai gwajin da ya buɗe kwalbar jini, da mai sharar da ta goge amai da tsumma, da matarsa da ke zubar da fo, duk sun shiga jerin waɗanda za a bibiya. Shi kuma ya wuce lokacin da magani ya fi aiki, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 13.

8. Mun yi zargi, kuma asibitinmu ƙarami ne. Me za mu fara yi?

A raba shi da sauran majiyyata nan take. Ɗaki mai taga da ƙofa ya wadatar. In babu, a ware ƙarshen ɗaki a sa labule, a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da kowa, in an samu biyu ya fi. A ba shi bokitinsa na amai da fo nasa, da ma'aunin zafi da na awon jini waɗanda ba za su fita daga ɗakin ba. A ajiye takarda a bakin ƙofa, duk wanda ya shiga a rubuta sunansa da lokaci. Ɗan jinya ɗaya kawai za a bari, a koya masa sa safar hannu da wanke hannu.

Sannan a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba sai gobe ba. Layin kyauta na hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, shi ne 6232. Kada a ce wa dangi su ɗauke shi a motar haya su tafi Birnin Kebbi ba tare da an sanar da inda za a karɓe shi ba. Kafin taimako ya iso a ba shi ruwan gishiri da sukari idan yana iya sha, da farasitamol don zazzaɓi. A guji asfirin, ibufurofen da dikilofenak, domin suna ƙara raunana filatilet suna kuma cutar da ƙoda. A guji allurar tsoka, kuma duk wani huda da ba dole ba a bar shi.

9. Wane kaya za a sa, kuma wanne ake fara sawa?

Mai tantancewa a bakin ƙofa, wanda tambaya kawai yake yi daga nesan mita ɗaya ba ya taɓa kowa, ba ya buƙatar cikakken kaya. Wanda zai taɓa majiyyaci ko abin da ya fito daga jikinsa shi ne zai sa duka. A fara cire agogo, zobe, awarwaro da waya. A sa kayan aiki da takalmin roba mai tsawo, a wanke hannu, a sa safar hannu ta ciki. Sai rigar da ruwa ba ya ratsawa, hannunta ya rufe bakin safar. Sai takunkumi, sai tabarau ko garkuwar fuska, sai hular da ke rufe kai da wuya, sai efuron na roba. Safar hannu ta biyu ita ce ƙarshe, a ja ta ta hau kan hannun riga.

Mace mai hijabi ta sa ƙaramin ɗankwali da zai shige cikin hular gaba ɗaya, kada wani gefe ya leƙo. Abokin aiki ya zagaya mutum ya duba kafin ya shiga, ya ce masa ya ɗaga hannu ya sunkuya a ga ko wuyan hannu zai buɗe. Idan za a yi aikin da ke tayar da feshi, kamar zuƙe majina da inji, takunkumin N95 ake sawa. A zafin Maris da Afrilu mutum ba ya daɗewa cikin kayan nan kafin gumi ya cika tabarau, don haka a sha ruwa tukuna, a kuma shirya duk abin da za a yi a ciki tun daga waje.

10. Me ya sa ake cewa wurin cire kaya aka fi kamuwa?

Domin a lokacin ne wajen kayan ya ƙazantu, mutum ya gaji, gumi yana zuba masa a ido, hannu kuma yana son kai wa fuska. Ƙa'idar ita ce mafi ƙazanta ya fara fita, kariyar fuska ta jira sai kusan ƙarshe, kuma a tsaftace hannu bayan kowane mataki. Wani ya tsaya daga gefe yana faɗin matakan da baki ɗaya bayan ɗaya, ko da mai cirewar ya yi sau ɗari.

Ga mai riga mai ɗauri a baya: a tsaftace safar waje tana hannu, a sunkuya gaba a cire efuron ana naɗe shi ciki ya koma waje. A cire safar waje. A cire hula ta baya. A kwance riga a janye ta daga kafaɗa ana naɗewa nesa da jiki. A cire tabarau ta igiyar baya, an ɗan sunkuya an rufe ido. A cire takunkumi ta baya, igiyar ƙasa kafin ta sama, ba a taɓa gabansa. A zare takalmi ba tare da hannu ya kama shi ba. Safar ciki ce ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 40 zuwa 60.

An saba ganin ana fesa wa ma'aikaci ruwan kulorin daga kai har ƙafa kafin ya cire kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawara: feshin yana ƙona ido da maƙogwaro, yana iya watsa ƙazantar, kuma yana sa mutum ya ɗauka ya tsarkaka ya yi sakaci.

11. Yaya ake haɗa ruwan kulorin?

Kala biyu ake haɗawa, a bokitin roba mai murfi, kowanne da rubutu a jikinsa. Mai ƙarfi, kashi 0.5 cikin 100, na ƙasa ne da gado da bokiti da takalmi da jakar gawa. Marar ƙarfi, kashi 0.05, na jiƙa zannuwan gado ne na minti 30 bayan an wanke, da wanke hannu idan babu sabulu ko man tsaftace hannu. A duba jikin kwalbar bilic a ga ƙarfinsa. Idan kashi 3.5 ne, a raba 3.5 da 0.5, a samu 7, a cire 1: mudu ɗaya na bilic, mudu shida na ruwa. Lita ɗaya da lita shida ke nan. Don samun marar ƙarfi, a ɗebi lita ɗaya daga mai ƙarfin a ƙara lita tara na ruwa. Idan garin kulorin ne mai kashi 70, giram 7 ake sawa a kowace lita, wato kusan babban cokali goma a lita 20, a motsa a bari ya kwanta minti 30.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Ana amfani da haɗin jiya, alhali zafi da hasken rana suna kashe ƙarfinsa, don haka kullum sabo ake haɗawa a ajiye a inuwa. Ana zuba shi kai tsaye kan tulin amai ko jini, alhali ƙazanta mai kauri tana cinye kulorin. A fara kwashewa da tsumman da za a yar, a wanke da omo, sannan a shafa mai ƙarfin a bar shi jiƙe minti 10. Na uku, ana gauraya shi da wasu magungunan wanki, abin da ke iya tayar da iska mai guba.

12. Allurar da na yi wa wanda ake zargi ta soke ni. Me zan yi?

A bar aikin, a fita a cire kaya bisa tsarin tambaya ta 10 ba da gaggawar da za ta ƙara wata matsala ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana. Kada a matse, kada a tsotsa, kada a zuba bilic mai ƙarfi a kai. Idan ido ne abu ya fantsama, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ko ruwan ƙarin ruwa na gishiri har kusan minti 15. A sanar da shugaban sashe a take. Ɓoyewa don kunya ko tsoron a ce an yi sakaci yana cinye kwanakin da suka fi daraja.

Daga nan za a riƙa auna zafin jiki safe da yamma har kwana 21. Wanda bai da alama ba ya yaɗa cutar a zaman yau da kullum, amma da zarar zafi ya kai 38 sai a keɓe shi a yi gwaji, kada ya tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Likita na iya ba da ƙwayar ribabirin, maganin da ake ba masu Lassa, ga wanda hatsarinsa ya yi yawa, kuma dole mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana zato. Sau da yawa irin wannan suka yana faruwa ne wurin mayar wa allura murfinta, don haka akwatin zubar da allura ya kasance inda hannu zai kai daga bakin gado.

13. Akwai magani? Yaya ake tabbatar da cutar?

Ana tabbatarwa da gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar a jini, a ɗakunan gwaji na musamman. Wanda aka horar ne ke ɗibar jinin, cikin cikakken kaya. Ana rufe kwalbar a naɗe ta da abin tsotse ruwa, a sa a gwangwani na biyu mai murfi, a sa wannan a akwati na uku mai sanyin digiri 2 zuwa 8, takardar bayani tana waje ba ta taɓa kwalbar. Duk wani samfurin majiyyacin da za a kai ɗakin gwajin asibiti, a gaya wa masu gwajin abin da ake zargi kafin ya isa hannunsu.

Ribabirin ta jijiya ita ce maganin da ake ba masu Lassa a Najeriya, kuma an fi sa ran amfaninta idan an fara cikin kwana shida na farko. Tana rage jini, don haka ana bibiyar awonsa. Sauran aikin shi ne ruwa bisa lissafi, iskar oksijin, ƙarin jini idan ya kama, da wankin ƙoda ga wanda tasa ta tsaya. Cikin waɗanda aka kwantar da ciwo mai tsanani kusan 15 cikin 100 ke rasuwa, adadin kuma yana haura haka idan an zo a makare.

14. Me ya sa ɗakin haihuwa da na tiyata suka fi hatsari?

Lassa tana tsananta a wata ukun ƙarshe na ciki, inda ake rasa ɗan tayi, ko uwar, ko duka biyu, a fiye da kashi 80 cikin 100. Matar takan zo ne da zazzaɓi da zubar jini ko ɓari, abin da ungozoma ke gani kowane mako, sai hankali ya tafi kan ceton ciki. Ga jini da yawa, ga ruwan faya, ga mabiyiya, dukansu cike da ƙwayar cutar. A Kano a farkon 2020 likitoci sun kamu bayan yi wa wata mai ciki tiyata, wasunsu suka rasu. Duk mai cikin da ta zo da zazzaɓin kwanaki da bai ji magani ba tare da jini ko mutuwar ɗan tayi, a karɓe ta da doguwar safar hannu mai kai wa gwiwar hannu, da efuron, da kariyar fuska, a kuma bi matakan tambaya ta 8.

15. Idan majiyyaci ya rasu, za a yi masa wanka da sallah?

Gawa tana ɗauke da ƙwayar cutar da yawa, kuma ruwa yana ci gaba da fita daga baki da hanci. Saboda haka ba a ba dangi ita su kai gida, ba a kuma yin wanka. Tawagar da aka horar ce ke sa ta a jaka, ta goge wajen jakar da kulorin mai ƙarfi. Tsarin da ake bi ya bar wa Musulmi damar a yi wa mamaci taimama ta hannun wanda ke cikin kayan kariya, a sa likkafani, a yi sallar jana'iza ba tare da an taɓa shi ba, a kuma binne shi yana fuskantar alƙibla. Rigima takan taso ne idan aka yi wa iyali bazata. A zauna da babban gidan da limamin unguwa tun kafin a taɓa gawar, a ce, "Baba, ga abin da ya sa, ga kuma abin da za a yi a gabanku," a bar wakilinsu ya gani da idonsa.

16. Wanda ya warke zai iya komawa cikin iyalinsa?

Zai koma, ya ci abinci da su, ya shiga sahu a masallaci. Sai dai ƙwayar cutar tana iya zama a maniyyi har kusan wata uku, don haka a ƙaurace wa saduwa ko a yi amfani da kororon roba tsawon wannan lokaci. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga Lassa suna samun matsalar ji, wani kunne ɗaya wani duka biyu, kuma kusan rabinsu jin yana ɗan dawowa cikin wata ɗaya zuwa uku. A gwada jinsa kafin sallama, a sake gwadawa idan ya dawo ganin likita. Kafin ya iso gida a toshe ramukan ɓera, a zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, mataccen ɓera kuma a ɗauke shi da leda ko shebur a binne nesa da rijiya.